Daga Buhun Taki Zuwa Mataccen Kifi: Matakan da Mai Makin Jarrabawa Ke Nema

Akwai tambayar da ɗaliban kimiyyar halittu da na kimiyyar noma ke haɗuwa da ita a shirin WAEC da NECO, kuma a kallon farko kamar tuwo ne da miya: bayyana yadda takin zamani da ruwan sama ya wanke daga gona yake kaiwa ga mutuwar kifi. Yawancin yara sun san farkon labarin, sun san ƙarshensa. Sai su rubuta cewa taki ya shiga ruwa, ya gurɓata shi, kifi suka sha guba suka mutu. Wannan amsa tana da kama da gaskiya, amma ta tsallake tsakiyar zancen, kuma a tsakiyar nan makin yake. A irin yanayin da tambayar ke nufi, iska ce ta ƙare wa kifin a cikin ruwa, kuma abin da ya shanye iskar shi ne bakteriyar da ke ruɓar da matattun tsirrai. Masana suna kiran wannan al'amari yutirofikeshan, wato ruwa ya sami abincin tsirrai fiye da ƙima har abin ya zame masa cuta.

Ɗalibin da ke zaune a Legas, a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, ba ya buƙatar a kai shi wata ƙasa don ya ga misali. Duk wanda ya bi hanyar Iyana-Iba ta wajen Ojo ya ga lambunan da 'yan uwanmu na Arewa ke nomawa, kunya-kunya a jere, alayyafo da latas da lalo da albasa mai lawashi. Ƙasar wurin rairayi ce, ba ta riƙe abinci, don haka dole a riƙa ba ta kashin kaji da takin zamani a kai a kai. Idan damina ta kankama, musamman a watan Yuni da ruwan Legas ke zuba kamar da bakin ƙwarya, wani kaso na wannan taki ba ya tsayawa a gindin shuka. Yana bin lambatu zuwa rafi, rafi kuma ya miƙa shi ga manyan ruwayen da suka kewaye birnin. Haka kogin Ogun yake sauko da abin da ya kwaso daga gonakin da ya ratsa, ya juye a tafkin Legas ta wajen Ikorodu.

Sinadarai biyu ne ke da muhimmanci a cikin takin, kuma ya kamata ɗalibi ya ambace su da suna: naitiret da fosfet. Buhun kamfa mai kilo 50 da aka rubuta wa NPK 15:15:15 yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin. Lamba ta tsakiya kuwa ana auna ta ne da P₂O₅, saboda haka ainihin fosfaras ɗin da ke cikin buhun bai wuce kamar kilo 3.3 ba. Buhun yuriya yana da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23. Hanyar da kowannensu ke bi ya shiga ruwa ta bambanta. Yuriya idan ta shiga ƙasa, ƙwayoyin halittar ƙasa suna juya ta zuwa amoniyam, daga nan zuwa naitiret, shi kuma naitiret ƙasa ba ta iya riƙe shi. Yana narkewa kamar gishiri, ya bi ruwa ta sama ko ya tsiyaye ƙasa ya ɓulla a rafi. Fosfet ya fi manne wa ƙwayoyin ƙasa, don haka yawanci sai ruwa ya zaizayi ƙasar kanta yake tafiya, a cikin jan ruwan nan mai laka da ke gudu bayan an ɗauke ruwan sama.

Me ya sa ɗan abin da ya zurare daga lambu zai dami babban ruwa? Domin tsirran ruwa a kullum cikin yunwar waɗannan sinadarai suke. Rana tana nan, ɗumi yana nan, ruwa yana nan, abin da ke hana gansakuka cika tafki kawai shi ne ƙarancin fosfet ko naitiret. A ruwan daɗi yawanci fosfet ne ke ƙaranci, a ruwan teku kuma yawanci naitirojin ne. An tabbatar da na farkon a wani tafkin gwaji a lardin Ontario na ƙasar Kanada a 1973, inda aka raba tafkin biyu da labule, aka zuba wa ɓangarorin biyu naitirojin da kabon, aka ƙara wa ɗaya fosfet. Ɓangaren da ya sami fosfet ne ya koma kore shar. Tafkin Legas kuwa gauraye ne, ruwan teku yana shigo masa da rani, ruwan koguna yana rinjaye da damina, shi ya sa amsar da ta ambaci sinadaran biyu ta fi tsira.

Da zarar abinci ya samu, gansakuka tana hayayyafa da saurin da ido bai saba gani ba. Yawancinta ƙananan halittu ne masu ƙwaya ɗaya da ke yawo a cikin ruwa, kuma idan yanayi ya yi musu daɗi suna iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ruwan da jiya ake hango ƙasansa sai ya koma kamar miyar kuka. Masu kiwon kifi suna da ma'auni mai sauƙi: a tsoma hannu har gwiwar hannu, in ba a ganin tafin hannun tun kafin a kai can, ruwan ya yi kauri fiye da yadda ake so. Wannan kaurin yana tare hasken rana. Tsirran da ke ƙasan ruwa, da ita kanta gansakukar da ke ƙarƙashin 'yan uwanta, ba sa samun hasken da za su haɗa abinci da shi, sai su mutu su nutse. Ta saman ma ba ta daɗewa, domin rayuwarta gajera ce, kuma idan ta cinye abincin da ya zo sai ta mutu da yawa a lokaci guda.

A Legas akwai wani abin da ke yin irin wannan aikin a idon kowa, wato ciyawar nan mai kumburarren kara da shuɗin fure da ke shimfiɗuwa a kan ruwa kamar kainuwa. Ta shigo ruwayen Legas ta wajen Badagry a 1984, kuma ga ta nan har yau tana toshe hanyar kwale-kwale a wajen Ikorodu bayan damina. Ba gansakuka ba ce, kuma kada ɗalibi ya kira ta haka a takarda. Amma ruwa mai yawan abinci ne ke ƙara mata ƙarfi, tana rufe haske, tana hana iska taɓa fuskar ruwa, idan kuma ruwan gishiri ya dawo da rani ya kashe ta, sai ta nutse ta ruɓe.

A nan ne ɗalibi mai tunani yakan tsaya ya yi tambaya, kuma tambayarsa tana kan hanya. An koya masa cewa tsirrai suna fitar da iskar oksijin. To, in tsirrai sun yi yawa a ruwa, ba oksijin ne ya kamata ya ƙaru ba? Da rana haka ne. Da la'asar, a saman ruwan da gansakuka ta cika, oksijin yakan yi yawa har ya wuce abin da ruwan zai iya riƙewa, rarar kuma ta fice zuwa sararin sama. Ba a ajiye ta don gobe. Da rana ta faɗi, haɗa abinci ya tsaya, amma numfashi bai tsaya ba. Gansakuka tana shan oksijin, kifi suna sha, bakteriya suna sha, dare ɗungurungum babu mai mayarwa sai ɗan abin da ke shiga daga iska ta fuskar ruwa. Shi ya sa oksijin ya fi yin ƙasa gab da fitowar rana, kuma shi ya sa mai kiwon kifi yakan tarar da ɓarnar da asuba. Wanda ya auna ruwa da tsakar rana ya ce lafiya lau, bai auna a lokacin da ya dace ba.

Sai kuma babban mai shan iskar, wanda amsa ba ta cika sai da shi. Matattun tsirran da suka taru a ƙasan ruwa abinci ne ga bakteriya masu ruɓarwa. Abinci ya yi yawa, sai su ma su yi yawa, kuma yawancinsu da oksijin suke numfashi. Abin da ake kira buƙatar oksijin ta ruɓewa ke nan, wanda ake rubutawa BOD a takardar gwaji: a cika kwalba da ruwan, a rufe, a ajiye a duhu kwana 5 a ma'aunin zafi 20, a ga nawa oksijin ya ragu. Ruwan da matacciyar gansakuka ta cika yana nuna lamba babba.

Abin da ke sa lamarin ya yi tsanani shi ne ruwa ba ya riƙe oksijin da yawa tun asali. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. Ruwan daɗi kuwa a ma'aunin zafi 20 ba ya riƙe fiye da kamar miligiram 9 a kowace lita, a ma'aunin zafi 30 kuma ya sauko zuwa kamar 7.5. Ruwan gishiri ya fi haka ƙaranci. Ruwayen Legas masu ɗumi ne duk shekara, ga shi ɗumin yana ƙara wa bakteriya da kifi saurin numfashi. Wato jarin kaɗan ne, masu ci kuma suna da yawa. Yawancin kifi suna son miligiram 5 ko fiye a lita. Idan ya sauka ƙasa da 2, an shiga haɗari.

Bari mu yi lissafi guda don a ga girman abin. Masana sun auna cewa a jikin irin wannan gansakuka, kowace ƙwayar zarra ta fosfaras tana tafiya da kamar 16 na naitirojin da 106 na kabon. Idan aka juya wannan zuwa nauyi, giram 1 na fosfaras yana iya gina gansakukar da ruɓewarta za ta ci kamar giram 140 na oksijin. Mu ɗauka manomi ya watsa buhu ɗaya na kamfa da yamma, da dare aka tafka ruwa, kashi ɗaya cikin goma na fosfaras ɗin ya zurare zuwa wani kududdufi. Wannan giram 330 ke nan, abin da bai cika gwangwanin madara biyu ba. A ninka 330 da 140, za a sami kamar kilo 46 na oksijin. Kowace lita 1,000 ta ruwa tana riƙe da giram 7.5 a ma'aunin zafi 30. Kilo 46 ke nan ya yi daidai da dukan oksijin da ke cikin lita sama da miliyan 6, kamar kududdufin da ya kai hekta ɗaya mai zurfin santimita 60. Wannan lissafin iyaka ne na sama, domin iska tana ci gaba da shiga ta fuskar ruwa, ba dukan fosfet ɗin tsirrai ke samu ba, kuma ruɓewar ba ta faruwa a dare ɗaya. Amma ya nuna dalilin da ya sa ruwan da ba ya gudu, kamar kududdufi ko lungun rafi da shara ta toshe, ya fi saurin kamuwa fiye da kogin da ke gudu yana dukan duwatsu.

Yadda kifi ke mutuwa shi ma yana da alamun da ke bambanta shi da guba. Da asuba za a ga karfasa sun taso sama suna buɗe baki a fuskar ruwa, inda ɗan oksijin ya rage. Manyan kifi ne ke fara mutuwa, saboda buƙatarsu ta fi yawa. Tarwaɗa kuwa takan daɗe, domin tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. Idan aka tarar da karfasa birjik a kan ruwa, cikinsu a sama, tarwaɗa kuma tana ta hawa da sauka da ranta, zargi ya fi karkata ga ƙarancin iska. Maganin ƙwari da ya malala cikin ruwa ba ya jiran asuba, kuma sau da yawa ƙananan kifi yake fara kayarwa. Sau da yawa ɓarnar ƙarancin iska takan biyo bayan kwana biyu ko uku na hadari da lumshi, lokacin da rana ba ta fito ta ba gansakuka damar mayar da abin da aka sha da dare ba, ko kuma bayan ruwan sama mai sanyi da iska sun dama ruwan ƙasa marar oksijin da na sama. Daga baya matattun kifin su ma su ruɓe, su ƙara wa bakteriya abinci. Idan oksijin ya ƙare ƙaf, wasu bakteriya da ba sa buƙatarsa su karɓi aikin, su ne ke fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan kuma ya yi baƙi.

Yanzu ga yadda duk wannan zai shiga 'yan layuka. A ɗauka tambayar mai maki shida ce, aka ce a bayyana matakan a jere. Kowane mataki a ba shi lamba da ɗan gajeren suna, sannan jimla ɗaya da ke faɗin abin da ya faru da abin da ya jawo shi:

1. Wankewa: ruwan sama ya wanke rarar takin zamani mai naitiret da fosfet daga gona zuwa rafi ko tafki.
2. Bunƙasar gansakuka: ƙarin naitiret da fosfet ya sa gansakuka ta hayayyafa da sauri ta rufe saman ruwa.
3. Tare haske: rufin ya hana hasken rana isa ƙasa, tsirran ƙasa suka kasa haɗa abinci, suka mutu, gansakukar ma ta mutu.
4. Ruɓewa: bakteriya masu ruɓarwa suka sami abinci daga matattun tsirran, suka ƙaru.
5. Raguwar oksijin: bakteriyar suka yi amfani da narkakken oksijin na cikin ruwa wajen numfashi, ya ragu ƙwarai.
6. Mutuwar kifi: kifi da sauran dabbobin ruwa suka rasa oksijin na numfashi, suka mutu.

Da Turanci za a rubuta jarrabawar, don haka ɗalibi ya ɗauko kalmomin daga littafinsa ya haddace rubutunsu daidai. Amma jerin da dalilansa a kansa za su zauna, kuma da harshen da yake tunani da shi za su fi zama. In an nemi zane, a sa kowane mataki a akwati, a ja kibiya daga ɗaya zuwa na gaba, kibiyar tana nufin wannan ne ya jawo wancan. Kibiyar da ta juya baya ko ta tsallake akwati tana rushe ma'anar.

A dubi mataki na huɗu da na biyar da kyau, domin su ne aka fi haɗewa ko a manta. Ɗalibi yakan rubuta cewa gansakuka ta shanye oksijin duka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kamar yadda aka gani a zancen dare, amma mai duba takarda yana neman kalmomi uku a wannan wuri: bakteriya, ruɓewa, numfashi. Wanda ya ce oksijin ya ragu bai faɗi wanda ya sha shi ba, ya ba da sakamako ne babu dalili. Wani kuma yakan ce tsirrai sun mutu don haka babu mai samar da oksijin, ya tsaya nan. Wannan rabin zance ne, domin raguwar samarwa ita kaɗai ba ta kai ƙaruwar sha ɓarna ba. Haka nan a rubuta narkakken oksijin, kada a ce iska kawai. Kifi ba ya fasa ƙwayar ruwa ya ciro oksijin ɗin da ke cikin H₂O. Wanda ya narke a tsakanin ƙwayoyin ruwa yake tacewa, kamar yadda sukari ke narkewa a shayi.

Kuskure na gaba shi ne kawo abin da ba a tambaya ba. Maganin ƙwari da ke taruwa a jikin dabbobi daga ƙarami zuwa babba wani babi ne daban. Man fetur da ya malala a ruwa shi ma daban ne. Gaskiya ne wasu nau'o'in gansakuka masu launin shuɗi-kore suna fitar da guba, kuma amoniya mai yawa tana iya kashe kifi kai tsaye, amma a gajeriyar amsa waɗannan sai dai su zo a layi na ƙarshe bayan an cika shidan, in akwai lokaci. Idan suka shiga tsakiya sai su tsinka zaren.

Akwai wani gyara da ya kamata malami ya yi wa ɗalibansa a Legas, don kada su fita da tunanin cewa ɗan lambu ne ya ɓata tafki. Tambayar jarrabawa ta zaɓi taki ne don shi ne misali mafi sauƙin bi. A birni mai cunkoso irin wannan, ruwan bayan gida da na wanka da wanki, da jini da tumbin da ake wankewa a mayanka, da ruwan da ake saki daga tafkunan kiwon kifi, duk suna kai naitirojin da fosfaras cikin ruwa ba dare ba rana. Akwai ma bambanci mai amfani ga ɗalibi a nan. Ƙazantar gida tana zuwa da abin ruɓewa a shirye, don haka bakteriya suna fara shan oksijin nan take, tun kafin gansakuka ta tsiro. Takin zamani kuwa ba shi da abin da zai ruɓe, sai ya bi ta gansakuka tukuna. In tambaya ta sauya taki da ƙazanta, mataki na huɗu yana iya farawa kai tsaye bayan na farko, kuma ɗalibin da ya faɗi haka ya nuna ya fahimta, ba hadda kawai ya yi ba.

Sau da yawa tambayar takan zo da wutsiya: kawo hanyoyi biyu na rage matsalar. Amsa mai kyau tana komawa mataki na farko, inda abin ya fi araha a tare. Kada a watsa taki ana ganin hadari ya haɗo. A raba shi kashi biyu ko uku a cikin lokacin noma maimakon a zuba gaba ɗaya, a tona a binne shi kusa da gindin shuka, a kuma bar zirin ciyawa tsakanin kunya ta ƙarshe da bakin ruwa don ta tare lakar da fosfet ke maƙale da ita. Ga mai kiwon kifi da ya wayi gari ya ga karfasa suna haki a sama, abin yi nan take shi ne ya dakatar da ba su abinci, domin narkar da abinci yana ƙara musu buƙatar oksijin, ya zubar da wani kaso na ruwan ƙasa ya sa sabo, sannan ya kunna injin ban ruwa ya riƙa fesa ruwan sama yana faɗowa a warwatse har rana ta ɗaga.